Rahoton likita ga kotu bayan hatsarin mota: yadda ake bayyana raunin

Tambaya: Assalamu alaikum manyanmu. Ni sabon likita ne, ina aiki a sashen taimakon gaggawa. Wata biyu da suka wuce na karɓi wani mutum da mota ta buge shi yana tsallaka titi. Yanzu kotu ta aiko tana neman rahoto kan raunukansa, kuma ban taɓa rubuta irinsa ba. Me zan sa a ciki, me zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam Likita. Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ɗauko fayil ɗinsa ka ajiye a gabanka: abin da ka rubuta a ranar, takardar ma'aikatan jinya, sakamakon hotuna, da bayanin tiyata in an yi. Daga nan rahoton zai fito. Abin da ka tuna da ka amma babu shi a takarda, lauyan ɗaya ɓangaren zai rushe shi da tambaya guda: “Marasa lafiya nawa ka gani tun daga ranar zuwa yau?”

Abubuwa uku ne ke cikin kowane rahoto irin wannan, kuma yawancin rahotannin da ke faɗuwa a kotu cakuɗa su aka yi. Akwai abin da aka gaya maka, akwai abin da ka gani da idonka ko ka auna da hannunka, sannan akwai ra'ayinka a matsayin likita. Kowanne a ba shi sashensa. Ba ka wurin da hatsarin ya faru, saboda haka ba za ka rubuta “mota ta buge shi” ba. Abin da za ka rubuta shi ne: “Ya shaida mini cewa mota ta buge shi ta gefen dama yana tsallaka titi, da misalin ƙarfe 7 na dare.” In ba ya cikin hayyacinsa a lokacin, ka faɗi daga bakin wa ka ji, ɗan sanda ne ko ɗan'uwansa. Wannan “ya shaida mini” ɗin ƙaramar magana ce, amma ita ke hana a mayar da kai shaidar abin da ba ka gani ba.

Saman takarda ba shi da wuya: sunanka da matsayinka da lambar rajistarka, wanda ya nemi rahoton, sunan majinyaci da shekarunsa da lambar fayil, ranar da lokacin da ya iso, da lokacin da kai ka duba shi. Ka tabbata akwai umarnin kotu a rubuce ko amincewar majinyacin kafin bayanin ya fita daga hannunka.

Inda aikin yake shi ne bayanin raunukan. Ka ba kowane rauni lamba, ka fara daga kai ka gangara zuwa ƙafa, kuma dama da hagu na majinyaci ake nufi, ba naka ba da kake fuskantarsa. Kowane rauni yana buƙatar irinsa, wurinsa, girmansa da santimita, siffarsa da yanayin bakinsa. Wurin kuma a auna shi daga abin da ba ya gusawa, kamar gira, ƙashin gwiwa ko diddige. “Rauni a ƙafa” ba bayani ba ne. Haka “babban rauni” ko “mummunan ciwo”, domin babba a wajenka na iya zama ƙarami a wajen wani likitan.

Ka kula sosai da sunan rauni, domin a nan sababbin likitoci suka fi tuntuɓe. Ƙujewa ita ce inda saman fata kawai ya ƙarzu, kamar wanda ya gurzu a kwalta. Kwanciyar jini ita ce inda jijiyoyin jini suka fashe a ƙarƙashi, fata ba ta buɗe ba. Sai biyun da ake yawan rikitawa, fashewar fata da yanka. Fashewa tana zuwa ne daga bugun abu marar kaifi: bakinta ba ya miƙewa, gefenta a ƙuje yake, kuma in ka leƙa ciki za ka ga zaruruwan nama sun tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan. Yanka kuwa na abu mai kaifi ne, bakinsa sumul, babu waɗannan zaruruwa. A goshi da fatar kai, inda ƙashi yake dab da fata, fashewa kan yi kama da yanka ƙwarai. In ka rubuta “yanka” alhali fashewa ce, ka buɗe ƙofar a ce wuƙa ce ta yi raunin, ba mota ba. Ita kuma kalmar “sara” ka guje mata gaba ɗaya, don ta riga ta yanke hukunci cewa wani ne ya ɗaga makami.

Bari mu ɗauki misali. A ce namiji ne ɗan shekara 34, mai tafiya a ƙasa. Sashen abin da aka gani zai zo kamar haka:

“An duba shi da ƙarfe 7:50 na dare. Yana cikin hayyacinsa, ma'aunin hayyaci na Gilasgo 14 cikin 15 saboda ɗan ruɗewa a magana. Bugun zuciya 108 a minti, awon jini 110 bisa 70.

Rauni na 1: fashewar fata a gefen dama na goshi, santimita 3 sama da gira, tsawonta santimita 4, zurfinta ya kai ƙashi, bakinta a ƙuje. An yi ɗinki 6.

Rauni na 2: ƙujewa a bayan hannun hagu, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, santimita 12 da 5, da ƙasa da ƙananan tsakuwa a ciki, layukan ƙarzuwar sun bi tsawon hannun.

Rauni na 3: kwanciyar jini da kumburi a gefen waje na ƙwaurin dama, santimita 8 da 6, tsakiyarta santimita 38 daga diddige. Ƙafar ta lanƙwashe a wurin. Fata ba ta buɗe ba. Ana jin bugun jini a bayan sawu, yana motsa 'yan yatsu, yana jin taɓawa. Hoton ƙashi ya nuna karayar ƙasusuwan ƙwaurin biyu a daidai wannan tsayi.”

Dubi wannan santimita 38 ɗin. Mutane da yawa ba sa aunawa, alhali shi ne lambar da mai binciken hatsari zai gwada da tsayin bambar motar daga ƙasa. In karayar ta fitar da gutsuren ƙashi mai kusurwa uku, ka faɗi inda tsininsa ya fuskanta kamar yadda hoton ya nuna, domin a irin wannan karaya faffaɗan gefen yakan kasance a ɓangaren da bugun ya shigo. Kai dai ka bayyana, kada ka zarce zuwa cewa motar ta fito daga gabas ko yamma. Haka in fasinja ne ko direba, shatin bel da ya ratsa ƙirji a karkace ka faɗi daga wace kafaɗa ya taso, ina ya nufa, don wani lokaci rigimar duka a kan wa ke tuƙi take.

Abin da ba ka samu ba shi ma ka rubuta, in ka duba shi da gaske: ciki ba ya ciwo in an danna, babu ciwo a ƙashin wuya, hoton ƙwaƙwalwa bai nuna zubar jini ba. In ba ka duba bayansa ba a ranar, ka ce ba a rubuta binciken baya ba. Kada ka cike gurbin yanzu, kuma kada ka koma fayil ka ƙara komai a tsakiyar tsohon rubutu. In akwai gyara, sabon shigarwa za ka yi da kwanan watan yau da sa hannunka. Fayil da aka taɓa a ɓoye ya fi fayil mai giɓi haɗari a gare ka.

Yanzu sashen ra'ayi, wanda ya kamata ya fi kowane sashe gajarta. Jimlar da ta dace da misalinmu ita ce: “Waɗannan raunuka na bugun abu marar kaifi ne, kuma sun dace da bayanin da aka ba ni na mota ta bugi mai tafiya a ƙasa ta gefen dama.” Kalmar “sun dace” na nufin labarin zai iya haifar da su, ba ta nufin babu wani abin da zai iya haifar da su. In aka tambaye ka a kotu ko faɗowa daga wuri mai tsawo zai iya karya ƙwauri, ka amsa gaskiya cewa zai iya, sannan ka nuna abin da ya sa tsarin raunukan gaba ɗaya ya fi karkata ga abin da ka faɗa. Gudun motar, laifin direba, da yawan diyya duk ba hurumin likita ba ne. Barasa ma haka: in ka ji warinta ka rubuta “an ji warin barasa a numfashinsa”, amma “a buge yake” ba za ta shiga ba, musamman ga mai rauni a kai, tunda bugun kai kaɗai na kawo ruɗewa da tangaɗi. Kuma kada wani ya ja ka ka faɗi kwanakin kwanciyar jini daga launinta. Launi ba abin dogaro ba ne, balle a baƙar fata da sau da yawa kumburi da zafi kawai za ka samu.

Tunda wata biyu sun shuɗe, in zai yiwu ka sake duba shi kafin ka rufe rahoton, ka sa ranar dubawa ta biyu daban. Akwai raunukan da kan ɓuya a ranar farko: karayar haƙarƙari ba kullum take fitowa a hoton farko ba, ƙaramin ƙashin wuyan hannu ta gefen babban yatsa kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin karayarsa ta bayyana, kuma jini na iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai bayan makonni. A dubawa ta biyu ka auna tsawon ƙafafun biyu, ka auna yadda gwiwa da idon sawu ke lanƙwasa, ka faɗi ko da sanda yake tafiya, ka auna tabon goshin. In yana da tsohuwar karaya ko ciwon suga, ka ambata, ka bayyana ko zai shafi warkewa. In ka ɓoye, ɗaya ɓangaren zai tono shi, sannan a fara shakkar sauran abin da ka rubuta.

Karayar tsakiyar ƙwauri a babban mutum kan ɗauki kimanin wata huɗu zuwa shida kafin ta haɗu, wani lokaci fiye. Saboda haka a wata na biyu ba ka da ikon cewa ya warke, ba ka da ikon cewa ya nakasa har abada. Ka rubuta cewa wannan rahoton na wucin gadi ne, cewa akwai yiwuwar jinkirin haɗuwar ƙashi ko ƙagewar idon sawu, kuma za a iya bayar da rahoton ƙarshe bayan likitan ƙashi ya sake duba shi da sabon hoto. Aikin da ba kai ka yi ba, kamar sa ƙarfe a tiyata, ka ce “bisa bayanin tiyata da ke cikin fayil”.

Alƙali ba likita ba ne, don haka duk kalmar asibiti da ka sa ka biyo ta da fassara mai sauƙi, ka bar gajerce-gajercen da muke yi a fayil. Ka sa lamba a kowane shafi, ka sa hannu da kwanan wata, ka haɗa zanen jiki mai lambobin raunukan daidai da na rubutun, sannan ka riƙe kwafi. Ranar da sammaci ya zo, da kwafin nan da fayil ɗin asali za ka shiga kotu.