YouTube ya cire wa'azina, yaya zan ɗaukaka ƙara?

"YouTube ya cire karatun tarihin yaƙin Badar da na ɗora, wai tsattsauran ra'ayi ne. Me zan yi?"

Malam, kada ka goge bidiyon. Gogewa ba ta cire gargaɗin da YouTube ya sa wa tasharka, kuma tana rufe maka ƙofar ƙara. Shiga YouTube Studio, ka danna Appeal. Dama ɗaya ce tak, saboda haka kada fushi ya rubuta maka.

Mai dubawar wataƙila bai jin Hausa, nan ne gizo ke saƙar. Nuna masa mintin da aka ambaci yaƙi, misali 12:40, ka fassara jimlar zuwa Turanci, ka bayyana cewa darasin tarihi ne, ba kira ga tashin hankali ba.

In ba a cire bidiyon ba, alamar dala ta kuɗin talla ce kawai ta zama rawaya, Request review za ka danna.