Na matso da kayan da suka fi fita bakin ƙofa, me ya sa tafiya ba ta ragu ba?

Tambaya: Ni ke kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya. Na duba kayan da muka fi sayarwa da yawa, na dawo da su kusa da ƙofar lodi, amma har yanzu yaranmu yini suke suna zirga-zirga zuwa ƙuryar sito. A ina na kuskure?

Amsa: Malam, ina kyautata zaton ma'aunin da ka auna da shi ne matsalar. Ƙafar mai ɗauko kaya ba ruwanta da yawan abin da aka sayar ko kuɗin da ya kawo. Abin da ke gajiyar da ita shi ne sau nawa aka je gurbin kayan. Don haka ka ajiye lissafin ciniki, ka ɗauko takardun oda na wata uku da suka wuce, ka ƙirga a oda nawa kowane kaya ya bayyana.

Mu ɗauki kaya biyu. Na farko yana fita katan 600 a wata, amma a oda 6 kacal, katan 100 kowace, ana janyo su a tafiya ɗaya. Na biyu katan 300 ne, amma a oda 150, bibbiyu. A ce gurbin gaba mita 10 ne daga ƙofa, na baya mita 60. Bambancin zuwa da dawowa mita 100 ke nan. Idan ka ba na farko gurbin gaba, ka rage tafiyar mita 600 a wata. Idan na biyu ka ba, ka rage mita 15,000, wato kilomita 15. Mai tura kura da ke cin mita ɗaya a daƙiƙa zai shafe sama da awa huɗu kafin ya gama wannan tazara. A lissafin ciniki na farko ne a sama, shi ya sa mutane da yawa suke ba shi wurin da bai cancanta ba.

Bayan ƙirga zuwa, sai ka dubi wurin da kayan ke ci, domin bakin ƙofa ƙarami ne. Kaya mai girma da ake zuwa masa sau 200 amma yana cinye gurbi huɗu, kowane gurbi zuwa 50 ya samu. Ƙananan kaya huɗu, kowanne sau 90, za su zauna a wuri guda ɗin su ba ka zuwa 360. Saboda haka ka raba yawan zuwa da yawan gurbin da kayan ke buƙata, wanda ya fi samun adadi mai yawa shi ne a gaba. Wannan dabara ta haɗa girman kaya da yawan oda tsohuwa ce, wani masani mai suna Heskett ya bayyana ta tun 1963, kuma har yau ban ga wadda ta fi ta sauƙin aiki ba. A kan kanta kuma, waɗanda suka fi fita su zauna tsakanin ƙugu da kafaɗa, inda ba sai an sunkuya ko an nemo tsani ba.

Akwai wani abu da ke rushe lissafin nan, kuma ina so ka bincike shi sosai. Idan oda ɗaya tana ɗauke da kaya goma, tara suna gaba, ɗaya yana ƙurya, yaron sai ya kai ƙuryar. Ka ɗauki oda 50, ka rubuta layi mafi nisa da kowace ta kai mutum, da kayan da ya jawo hakan. Sau da yawa za ka tarar 'yan kaya kaɗan ne ke ta maimaituwa, irin waɗanda ba sa fita su kaɗai sai tare da wani mai farin jini. Su ma a matso da su kusa da abokan tafiyarsu, ko da ƙirgarsu ba ta kai ba.

Kada kuma ka matse gurbin gaba har ya riƙa ƙarewa da rana tsaka. Kayan nan na katan 300 yana fita kusan 70 a mako, to gurbinsa ya ɗauki na mako guda, ragowar ya zauna a baya ko a sama, a riƙa cikowa kafin a fara aiki. Idan ka ga yara suna tsaye suna jiran a ciko, gurbin ya yi kaɗan. Idan ka ga kura biyu ko uku sun yi cirko-cirko a layi ɗaya, ka cusa masu fita da yawa wuri guda, sai ka rarraba su a bakin layuka uku ko huɗu na farko.

Kafin ka motsa ko katan ɗaya, ka rubuta layin oda nawa mutum ɗaya ke ɗaukowa a awa, wato kowane kaya da aka rubuta a takardar oda layi ɗaya ne. Ka fara da kaya 20 na saman jerin, ka sake aunawa bayan mako biyu, sannan ka maimaita ƙirgar duk wata uku ko duk lokacin da kasuwar wani kaya ta juya.