Kwamfuta biyu kawai nake so su riƙa buɗe foldar ofis

Tambaya: Salam Malam. A ofishinmu akwai kwamfuta ɗaya da muka yi sharin ɗin foldar lissafi a kanta, ina so kwamfutar manaja da ta akanta kaɗai su riƙa shiga, amma duk wanda ya hau wayifai ɗinmu yana kaiwa gare ta. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wannan aikin fayawol ɗin da ke cikin Windows zai yi maka shi ba sai ka sauke wata manhaja ba. Sharin ɗin folda yana bi ne ta fot 445, kuma dokar da ke buɗe wannan fot ɗin tana zuwa ne a buɗe ga duk wanda ke kan netwok ɗaya da kai, shi ya sa har baƙon da aka ba fasuwod ɗin wayifai yake isowa. Abin da za mu yi shi ne mu rage mata faɗi.

Amma kafin ka taɓa fayawol, fara da rauta. Adireshin IP da rauta ke rabawa ba dawwamamme ba ne, yau kwamfutar akanta na kan 192.168.1.22, gobe an ɗauke wuta an dawo sai ka ga ta koma .35, shi ke nan folda ta ƙi buɗuwa, wani lokacin ma wayar wani ce za ta gaji tsohon adireshin. Shiga saitin rauta ka nemi DHCP Reservation ko Address Reservation ka ɗaure kowace kwamfuta da adireshinta. Kuma ka lura, laftof na da adireshi daban in tana kan kebul, daban in tana kan wayifai. Mu ɗauka mai foldar ita ce 192.168.1.10, manaja .21, akanta .22.

Yanzu a kwamfutar da foldar take, ba a kan sauran ba, danna Windows da R ka rubuta wf.msc. Shiga Inbound Rules, nemo File and Printer Sharing (SMB-In), danna ta sau biyu ka je Scope. Akwai akwati biyu a wurin, na ƙasa wato Remote IP address shi ne naka, na saman adireshin ita kwamfutar ce da kanta, bar shi yadda yake. Yawanci za ka tarar da Local subnet a ciki, cire shi da Remove, in kuma Any IP address ka tarar sai ka zaɓi These IP addresses, sannan Add ka sa 192.168.1.21 ka sake sa 192.168.1.22. In ka ƙara adireshin ka bar Local subnet to ba ka yi komai ba.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne dokar ba guda ɗaya ba ce. Za ka ga sunan ya maimaitu, wata ta Domain wata ta Private ko Public, kuma fayawol ɗin in dai akwai doka ɗaya tak da ta ce a shiga to za a shiga, ko da ka matse sauran. Saboda haka duk mai koren alama ka gyara ta. A Windows 11 24H2 za ka iya ganin wata mai Restrictive a sunanta, ita ma haka. Sannan ga File and Printer Sharing (NB-Session-In), tsohuwar hanya ce ta fot 139 da ita ma ke kaiwa ga folda, ni shawarata ka kashe ta gaba ɗaya in ba ku da wata tsohuwar na'urar sikana da ke buƙatarta.

Don Allah kar ka ce za ka ƙirƙiri dokar Block ta toshe kowa sannan ka bar biyun nan su wuce. A Windows dokar toshewa ita ke rinjayar ta bari, manaja da akanta ma za su tsaya a waje. Ba ka ma buƙatarta, duk abin da ba a ba izini ba dama a toshe yake.

Gwaji kuma kar ka yi shi da ido. Buɗe PowerShell a kwamfutar akanta:

```
Test-NetConnection 192.168.1.10 -Port 445
```

Ya kamata ka ga TcpTestSucceeded : True. Sai ka maimaita a wata kwamfutar da ba ta cikin jerin, can False ake so. In ta ba da True akwai dokar da ta rage a buɗe, jera su ta Local Port ka duba masu 445 da masu Any, ko kuma antibairos ɗinku ne ya karɓe aikin fayawol, a nan sai dai ka yi saitin a cikinsa. In kuma folda na jinkiri ko tana ƙin buɗuwa da sunan kwamfuta, yawanci IPv6 take fara gwadawa alhali kai IPv4 ka rubuta, sai a buɗe ta da \\192.168.1.10 kai tsaye.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe, fayawol bai san folda ba, fot ya sani. Duk wata folda da aka yi sharin a kwamfutar nan za ta rufe ga sauran ma'aikata lokaci guda, firinta ma za ta iya rufewa, in akwai masu firintin ta nan sai a mai da firintar wata kwamfuta. Kuma bai san mutum ba, duk wanda ya zauna a kujerar akanta ya shiga, mai wayo ma zai iya sa wa laftof ɗinsa .22 da hannu in akanta ya kashe tasa. To ka je Advanced Sharing sannan Permissions na foldar ka cire Everyone, ka buɗe wa manaja da akanta asusu a kwamfutar da foldar take, kowa da fasuwod ɗinsa, ka sa su a Permissions ɗin da Add, ka bar Password protected sharing a kunne.