Na bar Abuja, amma gidan motsa jiki bai daina zarar min kuɗi ba

Tambaya: "Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa. Na taso daga Abuja na dawo Kano a watan Maris, na kuma faɗa wa yaron da ke karɓar baƙi a gidan motsa jikin da nake zuwa. Amma duk wata sai sun zare min naira 25,000, sau uku ke nan. Me zan rubuta musu?"

Alhaji, kafin ka rubuta komai, nemo takardar da ka sa wa hannu ranar rajista. Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna neman sanarwa a rubuce, sau da yawa ta kwana 30. Maganar baka ba ta shiga kwamfutarsu, ita kuwa kwamfutar ce ke cirar kuɗin. Idan ka taɓa tura musu saƙon WhatsApp a Maris, ɗauki hotonsa, domin da shi za ka nemi naira 75,000 ɗinka, ko 50,000 in an cire watan sanarwa. In babu, dawo da kuɗin ya zama sai dai roƙo, amma haƙƙinka ne ka tsayar da cirar.

Wasiƙar ta zama gajeriya, ba faɗa a ciki:

"Zuwa ga Manaja. Ni ne mai lambar rajista kaza. Ina sanar da ku na soke rajistata daga ranar wannan wasiƙa, domin na koma Kano. Na janye izinin cirar kuɗi daga katina da asusuna. Kun cire naira 25,000 a Afrilu, Mayu da Yuni bayan na sanar da ku, ga shaidar banki haɗe. Ku mayar min, ku kuma tabbatar da sokewar a rubuce cikin kwana 14."

Sa kwanan wata da hannunka. Tura ta imel, sannan wani ɗan'uwa a Abuja ya kai kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya ya dawo maka da ita.

Kada ka zauna jiran amsarsu. Je banki ka tambayi ta ina kuɗin ke fita. In daga katin ATM ne, a toshe shi a ba ka sabo, ka kuma nemi kada a ɗora tsohon izinin a kan sabon. In izinin cira ne kai tsaye daga asusu, sauya kati ba zai yi komai ba, sai ka soke izinin a rubuce. Sai dai toshe kati ba ya soke yarjejeniya; in ba wasiƙa, suna iya bin ka bashi.

In suka yi shiru, kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da kwafin mai hatimi. In banki ne ya bari aka sake cira bayan ka soke, shigar da koke a can ka karɓi lambar koken; in mako biyu suka wuce ba a warware ba, ka rubuta wa sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.