Yatsa ya fi harafi girma

"Wayata ƙarama ce, babu wuri. Ina haɗa katin biki a Canva, rubutun sai zamewa yake. Yaya zan yi?"

Malam, daina fama da yatsa. Buɗe katin da yatsu biyu har rubutun ya cika fuskar wayar, ka taɓa shi, ka nemi Nudge a jerin ƙasa. Kibiyoyinsa suna matsar da abu kaɗan-kaɗan, dannawa ɗaya taku ɗaya. Amma fara kulle hoton baya da Lock, yawanci shi kake ja ba ka sani ba.

Gyaran harafi kuma, in Gboard ne allon rubutun wayarka, goga yatsa a kan maɓallin tazara, sandar rubutu za ta bi ka harafi-harafi.

Batun wuri, sauke katin a JPG, bai kai PNG cin wuri ba.