Hoto ya kira su, gida ya kore su

"Assalamu alaikum. Ina da ciki da falo da nake so in ba da haya. Na sa hotuna masu kyau, waya ba ta huta ba, amma duk wanda ya zo ya gani sai ya ce zai neme ni, daga nan shiru. Me ya kamata in rubuta a ƙarƙashin hotunan, kuma ta yaya zan rage masu ɓata mini lokaci?"

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ni ma na sha wannan ɗacin lokacin da aka damƙa mini kula da sashen wani yayana. Sati uku ina zirga-zirgar buɗe ƙofa, mutum 14 suka leƙa, ba wanda ya dawo. Wata baiwar Allah ce ta faɗa mini gaskiya tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin kwana, ta ce, "Malam, wannan ne ɗakin da ke cikin hoton?" Shi ne kuwa. Laifin nawa ne, domin na ɗauke shi da kyamarar nan mai faɗi, wadda waya ke nunawa da 0.5x.

Wannan kyamarar tana ja da bangon ƙurya baya, sai ɗan madaidaicin ɗaki ya koma kamar zaure. Ka duba hotunanka. In ka ga ƙofa ko kujerar da ke gefe ta yi faɗin da ya wuce hankali, ko bango ya karkace, to ita ce. Ka mayar da wayar 1x, ka tsaya a bakin ƙofa ko a kusurwa, ka riƙe ta daidai ƙirji ba tare da ka ɗaga kanta ko ka sunkuyar ba, ka ɗauka da rana, labule a buɗe.

Amma abin da ya fi sauya mini lamari shi ne rubutun ƙarƙashin hoto. Da farko abin da na rubuta shi ne "katafaren ɗaki mai iska". Wannan bai gaya wa kowa komai ba, domin katafaren wani, kurkukun wani ne. Sai na ari tef na auna, na sake rubutawa kamar haka: "Ɗakin kwana, mita 3 da mita 3 da rabi. Gado mai ƙafa 6 da 6 yana shiga, ya bar hanya a gefe ɗaya da wurin durowa ƙarama. Taga ɗaya ce, tana kallon yamma, saboda haka ɗakin yana ɗaukar zafi da la'asar." Mai manyan kayan ɗaki yana karantawa ya san ba nasa ba ne, ya hutar da kansa ya hutar da ni.

Aikin rubutun ke nan, ya faɗi abin da hoto ba ya iya faɗa. Hoton famfo ba ya nuna ko ruwa na zuwa. Saboda haka a ƙarƙashinsa na sa: "Bayi na cikin ɗaki, ruwa daga tankin sama, ana cika shi sau biyu a sati, ba shi da ƙarfi sosai a shawa." A hoton kicin na faɗi cewa mutum ɗaya yake ɗauka a tsaye, babu wurin babban firij. A na mitar wuta na faɗi cewa ta sashen ce ita kaɗai, ba a haɗa ta da kowa ba. In taka ta haɗaka ce, ka faɗa tun yanzu, domin rigimar kuɗin wuta da maƙwabci ta fi rashin kama gidan muni. Haka tsakar gida, wurin shanya da wurin ajiye mota: wane ne na ɗan haya shi kaɗai, wane ne na kowa.

Akwai wani tabon danshi a ƙasan bangon falo. Yayana ya ce mu jingina kujera a wurin kafin a ɗauki hoto. Na ƙi. Na ɗauki tabon kusa da kusa, na rubuta cewa bututun bayi ne ya yi yoyo, an canza shi, bangon ya bushe, za a yi fenti kafin a shiga. Abin mamaki, mutumin da ya kama gidan daga baya ya ce wannan hoton ne ya sa ya yarda da sauran. Sharaɗin dai shi ne kada ka rubuta "za a gyara" sai in ka san ranar da za a gyara da wanda zai biya, in ba haka ba ka sayi rigima da kuɗinka. Kuma ka sa watan da aka ɗauki hotunan. Hoton ranar da aka gama fenti shekara huɗu da suka wuce ƙarya ne, ko da gidan naka ne.

Ba sai ka zuba hotuna talatin ba. Takwas zuwa goma sun isa, a jere yadda mutum zai taka: ƙofar shiga, falo, ɗaki, bayi, kicin, tsakar gida, hanyar da ke gaban gidan.

Sai batun masu kira. Muddin abin da ka rubuta a ƙarshe shi ne "mai buƙata ya kira", to za a kira ka har tsakar dare a tambaye ka abin da ke rubuce. Ka faɗi kuɗin hayar a fili, na wata ne ko na shekara, da duk abin da zai biyo baya, kamar kuɗin ajiya saboda ɓarna, ladan dillali in akwai, da kuɗin rubuta yarjejeniya. "Sai ka zo mu yi magana" yana korar mai niyya, ya jawo mai yawo.

Bayan nan na rubuta cewa mai so ya turo saƙo a rubuce, ya faɗi mutum nawa ne za su zauna, yaushe yake son shiga, da ranar da zai iya zuwa cikin kwana biyun da na ware, Laraba da yamma ko Asabar da safe. Na yi alkawarin amsawa cikin yini guda, kuma na cika. Wanda ya turo "yana nan?" kawai, sai in mayar masa da tambayoyin nan uku. Da yawa daga nan suke ɓacewa, ba asara. A tallar, unguwa kawai na ambata da wata alama da ke kusa, cikakken kwatance sai ga wanda muka tsayar da lokaci da shi.

Layi ɗaya kada ka manta da shi: ba a biyan ko sisi kafin a ga gida, kuma duk kuɗin da aka biya akwai rasit, bayan an karanta yarjejeniya an sa hannu. 'Yan damfara suna kwashe hotunan mutane su sake tallata su da lambarsu, suna karɓar kafin alƙalami. Shi ya sa nake rubuta lambata a jikin kowane hoto, wajen tsakiya inda ba za a iya yankewa ba.

Da na sake tallar a haka, kira ya ragu ƙwarai, har yayana ya fara zargin na kashe kasuwa. Mutum 4 ne suka zo gani a Asabar ta farko. Biyu suka nuna suna so, ɗaya ya zo da tef ɗinsa ya sake auna ɗakin, ya samu daidai, ya sa hannu ranar Litinin. A daren nan na koma kan tallar na rubuta "an kama" a samanta, na kuma tura wa ɗayan saƙo don kada ya zauna jira.