Amsar Yaya a guruf ɗin gida kan maganar tangaɗin Hajiya

"Yaya, Hajiya ta yi tangaɗi jiya da asuba a hanyar banɗaki, Allah ya sa ta dafa bango. Mu hana ta yawan tashi ne, ko akwai wani motsa jiki da za ta iya a shekara 74?"

Wa alaikumus salam ƙanena, na ji saƙonka. Don Allah kar wanda ya hana ta tashi. Wannan "Hajiya zauna a kawo miki" ɗin da kuke yi mata, buta a kawo, sallaya a shimfiɗa, har rimot sai an miƙo, shi ke cinye mata ƙarfin cinya, kuma da cinyar nan mutum yake tare kansa in ya yi tuntuɓe. Na sha faɗa a gidan nan, ana cewa ba na tausayinta.

To ka fara da gwaji, ka riƙe wayarka kana duba lokaci. Ta zauna a kujera, ka auna mita 3 a ƙasa ka sa alama, ta tashi ta je wurin da tafiyarta ta kullum, ta juyo ta dawo ta zauna, kana kusa da ita. In ta kai sakan 12 ko fiye, to tana cikin masu haɗarin faɗuwa. Ka rubuta abin da ka samu.

Babban aikin shi ne tashi-zauna. Kujerar katako ta dainin, wadda in ta zauna tafin ƙafarta yana ƙasa sosai, ku jingina bayan kujerar da bango. Ba kushin ɗin falo ba, mutum nutsewa yake a ciki. Kuma ba farar kujerar roba ɗin nan ba, don Allah! Ita kan tayil zamewa take, ƙafarta kuma tana buɗewa in an danna gefe ɗaya, na taɓa ganin wata dattijuwa a wurin suna a Anguwar Rogo ta dafa hannun irinta za ta miƙe, kujerar ta tafi da ita, ƙugu ya karye, kuma har yau in na je gida sai na tarar da farar kujerar nan a ƙofar ɗakin Hajiya, ban san wa yake mayar da ita ba... to bar wannan.

Ta matso bakin kujerar, ta ja ƙafafu baya kaɗan su dawo ƙarƙashin gwiwa, ta sunkuyo gaba har hancinta ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ta miƙe. Wurin zama ne ake ha'inci. Ta sauka a hankali kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, in ka ji ta faɗa tim a kujerar to cinyar ta gaji, a huta. Sau 5 da farko tana dafawa da hannu biyu. In ya yi sauƙi ta kai 10, sai a koma hannu ɗaya, daga baya ta rungume hannayen a ƙirji. Kar ta riƙe numfashi, tana da hawan jini.

Na biyu tsayuwa ce a gaban kantar kicin, yatsunta a kai, kai kuma kana bayanta. Ta haɗa ƙafafu sakan 10. In ta iya, ta tura ƙafa ɗaya gaba rabi. Na ƙarshe diddigen ta gaba ya taɓa yatsun ta baya, sakan 10, sai ta canza ƙafa. In jikinta yana ɗan rawa ba komai, aikin ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2020 ta ce masu shekara 65 zuwa sama su yi irin wannan kwana 3 ko fiye a mako, yawon tsakar gida kaɗai bai isa ba. Bayan wata biyu zuwa uku ka sake gwajin mita 3 ɗin.

Af, tsaya, kafin ma a fara duk wannan, ka ce da asuba ne ko? Tambaye ta ko ta ga duhu-duhu a ido lokacin da ta miƙe daga gado. In haka ne yana iya zama jininta ne ke sauka in ta tashi, maganin hawan jini yana jawo hakan. Ku auna jininta tana kwance bayan ta huta minti 5, sannan a tsaye bayan minti ɗaya, in lambar sama ta sauka da 20 ko fiye ku kai wa likitanta, kar ku tsayar da maganin da kanku. Kafin nan ta riƙa zama a bakin gado minti ɗaya kafin ta miƙe, a bar mata tocila kusa da filo, kuma safar nan da take kwana da ita saboda sanyin Jos, kar ta taka tayil da ita.

In tana cikin yi ta ji jiri, ciwon ƙirji, ko wani zafi mai suka a gwiwa, a tsaya nan take ku kira ni. Yi gwajin yau bayan la'asar ka turo min sakan nawa ta yi.